Yadda ake rubuta wa mai gida wasiƙar neman ya canza murhun girki da ya lalace a gidan haya

Murhun da nake nufi a nan shi ne wanda aka haɗa shi da ginin kicin: kawunan girki a saman kanta, an yanka musu gurbi sun zauna daram, obin kuma a ƙasa cikin kabad, an ɗaure shi da kusoshi, wayarsa ko bututun gas ɗinsa ya shige bango. Irin wannan ba ka ɗaukarsa ka kai wa mai gyara, ba ka kuma tafiya da shi ranar da za ka tashi. Kayan gida ne, shi ya sa idan ya mutu maganar take komawa kan mai gida.

Abin da ke kayar da yawancin 'yan haya shi ne su rubuta layi ɗaya: murhu ya lalace, a taimaka a canza. Mai gida da ya karanta wannan, lissafinsa ɗaya ne, wace hanya ce mafi araha. Zai turo mai gyara ya yi kwaskwarima, bayan wata uku abin ya sake tsayawa, a koma gidan jiya. Idan canji kake so, wasiƙarka ce za ta amsa tambayoyi uku tun kafin ya yi su: murhun nasa ne, ba kai ka lalata shi ba, gyara kuma asarar kuɗinsa ce. Rubutun kansa bai wuce aikin rabin sa'a ba. Tattara abin da za ka sa a ciki shi ne aikin, don haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: ka tabbata murhun ne ya lalace

Babu abin kunya kamar ka tayar da hankalin mai gida, mai gyara ya zo ya danna maɓalli ɗaya komai ya tashi, sannan a miƙo maka takardar kuɗin zuwansa. Yawancin obin na lantarki masu agogo a goshi ba sa yin zafi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, sai an sake saita agogon. Idan ka ga lambobin suna ƙyaftawa, saita lokaci tukuna ka gwada. Murhu mai saman gilashi da ake latsawa da yatsa yana da makullin yara, galibi da alamar ɗan mabuɗi, idan ya kulle ba abin da zai amsa sai ka danne alamar na 'yan daƙiƙu. Ka duba babban makunnin murhun da ke jikin bango, ka duba akwatin fis ko birekar layin ta faɗi. Na gas kuma, sau da yawa ruwa ko maiƙo ne ya toshe ramukan kan, ko an wanke hular kan an mayar da ita a karkace.

Iyakar abin da ya kamata ka taɓa ke nan. Kada ka kwance kusa ko ɗaya, kada ka jawo obin daga gurbinsa don ka leƙa bayansa. Ban da haɗarin wuta, duk ranar da aka ga alamar sukudireba a jikinsa, kai za a ce ka ɓata shi.

Akwai alamomin da idan ka gan su ba a ci gaba da gwaji. Warin gas alhali duk kawunan a kashe suke: rufe gas daga tushe, buɗe tagogi, kada ka kunna ko ka kashe wani makunnin lantarki, ka fita waje ka kira masu kula da gas, sannan ka kira mai gida. Harshen wuta ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya: gas ɗin ba ya ƙonewa sosai, kuma irin wannan ƙonewar ce ke fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi amma tana kisa. Jikin murhu yana jan mutum idan an taɓa, ko warin roba mai ƙonewa, ko gilashin sama ya tsage ta yadda ruwa zai iya zurara kan wayoyi: kashe shi daga bango ka bar shi a kashe. A irin wannan hali waya ce farko, wasiƙa ta biyo baya a ranar.

Mataki na biyu: ɗauko yarjejeniyar haya

Abu biyu kake nema. Na farko sakin layin da ya yi maganar gyare-gyare: wa ke da alhakin kayan da mai gida ya zuba a gidan. Na biyu takardar lissafin kayan da aka damƙa maka ranar da ka shiga, inda ake rubuta murhu ɗaya, firji ɗaya, da halin da kowanne yake ciki. Idan murhun yana cikin wannan lissafin, tambayar farko ta amsu, sai ka rubuta lambar sakin layin da shafin ka ajiye.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abin da aka fi tafiya a kai shi ne: kayan da mai gida ya bayar tare da gida, idan tsufa da amfanin yau da kullum suka kashe su, shi zai gyara ko ya canza, idan kuma sakacin ɗan haya ne, ɗan haya zai biya. Sai dai ka karanta taka takardar da idon basira. Wasu masu gida suna saka sharaɗin cewa kayan kicin an bar su ne don amfanin ɗan haya, ba tare da alƙawarin gyara ba. Wasu suna ɗora wa ɗan haya ƙananan gyare-gyare har zuwa wani adadi. Idan ka tarar da irin wannan sharaɗi, kada ka rubuta kamar ba ka gan shi ba. Ka nemi ofishin ba 'yan haya shawara ko lauya a inda kake ya gaya maka ko sharaɗin yana da ƙarfi a doka, domin ba duk abin da aka rubuta a yarjejeniya doka ke amincewa da shi ba, musamman abin da ya shafi lafiyar gas da lantarki.

Idan babu takardar lissafin kaya fa? Nemi hotunan tallar gidan da ka gani kafin ka kama, ko hotunan da ka ɗauka ranar tarewa, ko wani saƙon da ejan ya ce maka kicin ɗin yana da murhu. Shi kansa yadda aka gina shi cikin kanta shaida ce, ba ɗan hayar da ke zuwa da obin ya yanke kabad ɗin mutane.

A nan kuma za ka ga wa ya kamata ka rubuta wa. Idan yarjejeniya ta ce ƙorafin gyara ta hannun ejan ko kamfanin da ke kula da gidan zai bi, to can za ka aika, ka ba mai gida kwafi. Wasiƙar da ta tafi inda bai dace ba, ana iya cewa ba a taɓa sanar da kowa ba.

Mataki na uku: ka san murhun da ciwonsa

Buɗe ƙofar obin ka duba gefen bakin, inda ƙofar ke haɗuwa da jiki. Akwai 'yar takarda ko ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri, lambar kayan, da ƙarfin wutar da yake ci. Ɗauki hotonta kusa-kusa yadda lambobin za su karantu. Ta kawunan sama galibi a ƙarƙashinsu take, ba za ka gan ta ba sai an ɗaga, don haka ka bar wa mai gyara, ko ka duba littafin murhun idan an bar maka shi a durowa. Da lambar nan kamfanin da ya ƙera shi zai iya gaya maka shekarar da aka yi shi, da ko har yanzu ana samun kayan gyaransa. Amsoshin nan biyu su ne ƙashin bayan wasiƙarka. Murhu irin wannan yakan yi shekara 10 zuwa 15 yana aiki. Wanda ya shekara 4 gyara ya dace da shi, kuma gaskiya ita ce da wuya ka ci nasarar neman sabo. Wanda ya haura 12 kuwa, magana ta canza.

Sai bayanin ciwon. “Ba ya aiki” ba bayani ba ne. Ka rubuta abin da idonka ya gani, da rana, da tsawon lokaci. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe.

A ce ka shekara biyu a wani fulat. Murhun na lantarki ne, kawuna huɗu a saman gilashi, obin mai fanka a ƙasa, kamfani ya ce an ƙera shi shekara 13 da suka wuce. Wata takwas baya obin ya daina zafi, fanka tana juyawa, fitila tana ci, amma ciki sanyi ƙalau. Mai gida ya turo aka canza elemen, wato zagayayyen ƙarfen da ke bayan fanka, wanda shi ne ke yin ja ya ba da zafi. Bayan 'yan watanni ka lura duk abin da ka saka yana ƙonewa ta waje cikinsa ɗanye. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi na obin, ka saita a digiri 180, ka jira minti 20, allura ta tsaya a 240. A farkon Maris kuma ya fara jefar da wutar gidan gaba ɗaya, minti goma zuwa sha biyar bayan an kunna shi. Kawuna biyu na hagu su ma sun mutu tun watan jiya.

Kowace alama a nan tana da ma'ana, kuma yana da kyau ka fahimce ta ko da ba kai za ka yanke hukunci ba. Zafin da ya zarce abin da aka saita da digiri 60 yana nuna tamostat, abin da ke yanke wuta idan zafi ya kai, ya daina yankewa a kan lokaci. Bambancin digiri 10 ko 15 ba komai ba ne, kowane obin yana yin haka, amma 60 ciwo ne. Elemen da aka bari yana ci ba hutu yakan gaji da wuri, shi ya sa sabon da aka saka bai yi ƙarko ba. Jefar da wuta bayan ya ɗauki zafi, ba nan take ba, alama ce ta cewa garin da ke raba wayar cikin elemen da bututun ƙarfensa ya lalace, idan ya yi zafi sai wuta ta fara zurarewa zuwa jikin ƙarfe. Birekar kariya ta gida takan faɗi idan zurarar ta kai miliamfiya 30, kuma aikinta ke nan, ta faɗi kafin wutar ta bi ta jikin mutum. Saboda haka mai mayar da bireka ya ci gaba da gashi yana wasa da ransa ne.

A wasiƙa dai alamomin za ka faɗa, ka bar sunan ciwon ga mai gyara. Idan ka rubuta cewa tamostat ne, aka zo aka tarar wani abu ne daban, duk sauran maganarka ta yi rauni.

Idan murhun bai fara jefar da wuta ba, ka ɗauki bidiyo gajere: hannunka yana murɗa maɓalli zuwa 180, sannan allurar ma'auni. Hoton kawuna huɗu a kunne, biyu sun yi ja biyu baƙi ƙirin. Kafin ka ɗauki ko ɗaya, wanke murhun tas. Hoton obin mai daskararren maiƙo hujja ce ka miƙa wa mai gida da hannunka, zai ce rashin kula ne.

Mataki na huɗu: bakin mai gyara

Nan ne maganar canji take tsayawa ko ta faɗi. Kai kana da buƙata a ciki, don haka idan ka ce murhu ya gama yayi, mai gida zai ji ne da kunne ɗaya. Idan ƙwararre ya rubuta, dole ya tsaya ya duba.

Hanya mafi tsabta ita ce ka sanar da mai gida lalacewar a ranar da ta faru, ko da ta gajeren saƙo ne, ka roƙe shi ya turo nasa mai gyaran. Ranar da mutumin ya zo ka kasance a gida, ka tambaye shi abu huɗu: me ya lalace, tsufa ne ko ɓarna, ana samun kayan gyaran, nawa gyaran zai ci idan aka gwada da sabo. Ka roƙe shi ya rubuta a takardar aikinsa, ka ɗauki hotonta. Idan mai gida ya yi shiru, za ka iya kiran naka mai gyaran ya duba kawai ba tare da ya gyara ba, amma ka fara sanar da mai gida a rubuce, ka kuma sa a ranka cewa kuɗin dubawar wataƙila ba zai dawo ba. Idan murhun gas ne, wanda ke da lasisin aikin gas kaɗai za ka bari ya taɓa shi.

A misalinmu, a ce mai gyara ya rubuta cewa elemen da tamostat duk sun tafi, allon da ke sarrafa kawunan sama ya ƙone ta gefe guda, kamfani kuma ya daina yin irinsa, sai dai a nemo na hannu. Jimillar gyaran, da kaya da ladan aiki, ta kai kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo mai daraja ɗaya. Masu wannan sana'a suna da wani ma'auni da suke yawan amfani da shi: idan gyara ya haura rabin kuɗin sabo, kayan kuma ya ci fiye da rabin rayuwarsa, canji ya fi. Ba doka ba ce, lissafi ne kawai, amma lissafi shi ne yaren da mai gida ya fi ji.

Wani abu da ya kamata ka yi wa kanka adalci a kai: a irin wannan murhu, sau da yawa obin daban yake, kawunan sama daban. Idan obin ne kaɗai ya mutu, shi kaɗai za ka nema. Wanda ya nemi a canza lafiyayye tare da matacce, an gano shi, kuma zai sa a yi shakkar sauran.

Mataki na biyar: awo

Wannan mutane ke mantawa, ga shi kuwa yana rage makonni na jira. Yawancin obin da ake sakawa cikin kabad faɗin fuskarsu kusan santimita 60 ne, tsayi ma kusan haka, gurbin da suke shiga kuma faɗinsa wajen 56, zurfinsa wajen 55. Kawuna huɗu na sama galibi ramin da ake yanka musu a kanta wajen 56 ne a 49. Amma akwai masu faɗin 70, 75 da 90, akwai obin mai hawa biyu, akwai kuma gajere mai tsayin 45. Ɗauko tef ka auna faɗi da tsayin fuskar obin da na gilashin sama, ka rubuta. Ka haɗa da ƙarfin wutar da ke jikin farantin nan, domin obin guda yakan ci kilowat 2 zuwa 3 da ɗoriya, kawuna huɗu na lantarki kuma su kai 6 ko 7, kuma wayar da ke bango an ja ta ne daidai da wani nauyi. Na gas, ka faɗi ko na bututu ne ko na tukunya, saboda bakin da gas ke fita ta ciki ba girmansu ɗaya ba. Mai gida da aka ba wa waɗannan lambobi zai iya yin oda daga inda yake zaune.

Mataki na shida: wasiƙar kanta

Shafi ɗaya ya isa. Ga yadda ta misalinmu za ta kasance:

Daga: sunanka, lambar fulat da adireshin gida
Zuwa ga: sunan mai gida, ta hannun ejan idan akwai
Rana: 10 ga Maris

Neman canza murhun girki na fulat mai lamba 4

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da murhun lantarki da ke haɗe da kantar kicin, wanda ke shafi na 2 na takardar kayan da aka damƙa mini lokacin da na shiga gidan. Sunan kamfaninsa da lambarsa suna cikin hoto na farko da na haɗo.

Kamar yadda na sanar da kai ta saƙon waya ranar 3 ga Maris, obin yana jefar da wutar gidan duka minti 10 zuwa 15 bayan an kunna shi. Kafin haka, idan aka saita shi a digiri 180 yana kaiwa 240. Kawuna biyu na hagu kuma ba sa kamawa tun watan Fabrairu. Na daina amfani da murhun tun ranar 3 ga wata, na kashe shi daga bango.

Mai gyaran da ka turo ranar 7 ga Maris ya rubuta cewa elemen da tamostat da allon kawunan sama sun lalace saboda tsufa, cewa kamfani ya daina yin allon, kuma gyaran zai ci kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo. Murhun ya shekara 13, an kuma riga an canza masa elemen sau ɗaya a watan Yulin bara.

Saboda haka ina roƙon a canza shi da wani mai aiki, daidai girmansa da darajarsa, bisa sakin layi na 8 na yarjejeniyarmu. Faɗin obin santimita 60 ne, tsayinsa 60, gilashin sama kuma 58 a 51. Ina roƙon ka sanar da ni shawarar da ka yanke a rubuce kafin ranar 17 ga Maris, a kuma saka sabon kafin ranar 24 ga wata.

Ina gida kowace rana daga ƙarfe 4 na yamma, da Asabar duk yini. Idan wani lokaci ya fi dacewa da masu aikin, a sanar da ni kwana ɗaya kafin nan, zan shirya.

Na gode da yadda ka turo mai gyara da wuri.

Naka,
sa hannu, suna da lambar waya

Abin da na haɗo: hotuna 4, kwafin takardar mai gyara, kwafin shafi na 2 na takardar kaya.

Ka lura da kalmar “wani mai aiki, daidai girmansa da darajarsa”. Ba a ce sabo fil ba, ba a kuma ambaci wani kamfani ba. Haƙƙinka murhu mai aiki ne kwatankwacin wanda ka tarar, kuma mai gida yana iya kawo wanda aka taɓa amfani da shi muddin lafiyarsa ƙalau. Idan ranka yana son wanda ya fi wannan, faɗa a fili cewa za ka cika bambancin kuɗin, amma ku rubuta tun yanzu na wa zai zama ranar da za ka tashi. Galibi a gidan zai zauna.

Ka lura kuma da ranakun. “Da gaggawa” ko “cikin hanzari” kowa da yadda yake fassara su, wani mai gidan wata biyu ma hanzari ne a wurinsa. Rana biyu aka sa da gangan: ɗaya ta amsa, ɗaya ta aiki. Mako guda na amsa da mako biyu na sakawa ba wanda zai ce ka matsa, tunda sai an yi oda an kuma samo mai haɗawa. Idan ba ka da wata hanyar dafa abinci ko kaɗan, ko akwai jariri ko mara lafiya a gidan, faɗi haka cikin jimla ɗaya ka rage kwanakin, ka kuma roƙi a ba ka ƙaramin murhu na tafi-da-gidanka kafin a kawo babban. A misalinmu kawuna biyu na dama suna da rai, amma tunda layinsu ɗaya da obin mai zurarar wuta, sai mai gyara ya cire obin daga layin ya ce ba matsala kafin a koma kansu.

Abin da babu a wasiƙar shi ma da gangan ne. Babu tarihin famfon da ya yi yoyo bara, babu maganar ƙofar banɗaki. Ka haɗa ƙorafi biyar, a gyara maka mafi araha a ce an amsa. Babu kuma barazana. Na sha ganin wasiƙar farko da ta buɗe da maganar kotu, sai mai gidan da da zai sayi murhu cikin mako ya miƙa wa lauyansa, abu ya koma wata uku. Ka kuma kiyayi jimlolin neman afuwa irin su “wataƙila mu ne muka cika amfani da shi”. Kunya ce ta sa ka rubuta, amma a takarda amsa laifi ce.

Idan kuwa da gaske kai ne sila, tukunya ta suɓuce ta fasa gilashi, to faɗi gaskiya. Mai gyara yana gane tsagar da ta taso daga wurin da abu ya faɗa, tana da cibiya kamar tauraro. Abin da za ka nema a nan shi ne a yi la'akari da shekarun murhun: wanda ya fasa gilashin murhu ɗan shekara 10 bai kamata ya biya kuɗin sabo cif ba, sai abin da ya rage na darajarsa.

Mataki na bakwai: aikawa da abin da ke biyo baya

Ka bi hanyar da yarjejeniya ta ce a riƙa aika sanarwa. Idan ba ta faɗa ba, aika ta imel, ka kuma kai ta takarda. Wadda ka kai da hannu, ka tafi da kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da rana a kan naka. Ta gidan waya kuma, ka zaɓi irin wadda ake sa hannu idan an karɓa, ka adana rasit. Idan mai gida ya kira ka ya ce ba damuwa za a kawo, ka gode masa, kuna ajiye waya ka tura saƙo: “Ranka ya daɗe, na gode da kiran da ka yi yau, na fahimci za a kawo murhun ranar 22 ga wata.” Alƙawarin baki ya zama rubutu ke nan ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba.

Zai iya cewa shi gyara zai sake yi. Yawanci yana da wannan zaɓin, tunda abin da ke kansa shi ne murhu ya yi aiki. Kada ka hana mai gyara shiga, hanawar za ta koma kanka. Ka amsa a rubuce cewa ka yarda, da sharaɗin idan ciwon ya dawo cikin wata uku za a canza. Bayan gyaran ka maimaita gwajin ma'aunin zafi, ka ajiye hoton.

Idan ranar 17 ta wuce shiru, washegari ka aika ta biyu, gajera: ka ambaci ranar ta farko, ka haɗa kwafinta, ka ba da ƙarin kwana 7, ka ce bayan haka za ka kai maganar ga hukumar da ke kula da gidajen haya a yankin. A nan ne wannan jimlar take da wuri, ba a wasiƙar farko ba.

Abu biyu ne zuciya za ta raya maka a wannan gaɓa, dukansu tarko ne. Na farko ka riƙe kuɗin haya. A wurare da yawa wannan yana mayar da kai mai bashi, ya ba mai gida hujjar tashinka, maganar murhu kuma ta bi ruwa. Na biyu ka sayi sabo ka cire kuɗin daga haya. Wasu dokokin sun yarda da haka, amma da matakai da sanarwar da dole a bi ɗaya bayan ɗaya, don haka kada ka yi sai da amincewar mai gida a rubuce, da adadin kuɗin a ciki, ko da shawarar wanda ya san dokar wurin. Ko an amince, tsohon murhun ba naka ba ne, kada ka zubar da shi sai mai shi ya ce a zubar, shi ma a rubuce.

Ranar da aka kawo sabon, kada ka bar masu haɗawa su tafi sai kun kunna kawunan ɗaya bayan ɗaya, kun bar obin ya yi minti 20 yana ci ba tare da wuta ta faɗi ba. Ɗan hayaƙi da wari a kunnawar farko ba matsala ba ne, man masana'anta ne ke ƙonewa, buɗe taga kawai. Na gas, ka ga an gwada mahaɗar bututun an tabbatar ba yoyo, ka karɓi kwafin takardar aikin. Ka duba ko sun ɓantare bakin kanta ko ƙofar kabad wajen sakawa, idan sun yi ka ɗauki hoto ka tura a ranar. Sannan ka roƙi mai gida a gyara takardar lissafin kaya, a soke tsohon murhun, a rubuta sunan sabon da lambarsa da ranar da aka saka shi, ku biyu ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.